Yadda Ake Daidaita Muryar Rubutu Daga Daftari Zuwa Daftari

Duk wanda ya taɓa sa wani ya rubuta masa wasiƙa, ko sanarwa, ko jawabin da zai karanta a taro, ya san wani irin rashin gamsuwa da ke da wuyar bayyanawa. Bayanin da ke cikin takardar daidai ne, sunaye da ranaku duk suna nan, amma idan ka karanta sai ka ji ba haka kake son maganar ta sauka a kunnen mutane ba. Wannan shi ne abin da nake kira muryar rubutu, wato yadda takarda take yi wa mai karanta ta magana: da girmamawa ko da isa, da sanyi ko da zafi, daga nesa ko a kusa. Gyaran wannan murya ya fi gyaran kuskuren harafi wahala, domin kuskuren harafi ana nuna shi da yatsa, ita kuwa murya sai an koyi yadda ake nuna ta.

Zan bi misali guda ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda na sha gani a kwamitin wata makarantar Islamiyya ta unguwa: wasiƙar tunatar da iyaye game da kuɗin makarantar da ba su biya ba. Na zaɓe ta ne saboda babu takardar da ta fi ta saurin karkata. Idan ta yi zafi, iyaye su ji an ci musu mutunci su janye 'ya'yansu. Idan ta yi sanyi, su ninke ta su ajiye ba wanda zai biya. Shugaban makaranta ne mai ba da umarni, sakatare ne mai rubutawa, kai mai karatu kuma ka ɗauki kanka a matsayin shugaban.

Kafin a rubuta komai

Mataki na farko yana zuwa ne tun sakatare bai ɗauki biro ba. Ka zauna ka amsa wa kanka tambaya biyu: wane ne zai karanta wannan takarda, kuma me nake so ya ji, ya kuma aikata, idan ya gama karantawa? Amsar ka dunƙule ta cikin jimla ɗaya, ka rubuta ta, ka ba marubucin. A misalinmu jimlar za ta iya kasancewa kamar haka: mahaifin da ya karanta wasiƙar ya ji ana ganin girmansa, ya kuma fahimci cewa ranar da aka sa rana ce ta gaske. Wannan jimla ita ce ma'aunin da za a riƙa ɗora kowane daftari a kai. Idan babu ita, abin da za ka riƙa aunawa da shi shi ne yanayin da ka tashi da shi a ranar, kuma yanayin mutum na ranar Litinin ba lallai ya zama na ranar Laraba ba, alhali marubucin yana can yana ƙoƙarin bin abin da ka faɗa masa jiya.

Idan kana da wata tsohuwar wasiƙa wadda muryarta ta yi maka, ko da a kan wani batu ne daban, ka haɗa masa da ita. Samfuri ɗaya ya fi dogon bayani amfani, domin kalmar ladabi a wurinka da a wurinsa ba lallai ta zama abu ɗaya ba, amma takardar da ke gabanku ku biyu abu ɗaya ce.

Daftari na farko: a nuna wurin, a faɗi abin da ya haifar

Ga abin da sakatare ya kawo:

"Sanarwa ga iyayen yara. Hukumar makaranta ta lura cewa har yanzu ba ku biya kuɗin zango na biyu ba duk da sanarwar da aka yi muku. Dole ne ku biya kafin ranar 20 ga wata. Duk wanda bai biya ba za a kori ɗansa, kuma kada ya zargi kowa sai kansa."

Abin da yawancinmu za mu ce nan take shi ne, "Malam, wannan ta yi zafi, a tausasa ta." Maganar gaskiya ce, amma ba ta kai marubucin ko'ina ba. Ba ta gaya masa wace kalma ce ta kawo zafin ba, ba ta gaya masa iya inda zai tsaya ba, ba ta kuma gaya masa abin da ya yi daidai wanda bai kamata ya taɓa ba. Mutumin da aka ce wa ya tausasa, ba tare da an sa masa iyaka ba, zai tausasa komai, har da abin da ya kamata ya tsaya da ƙarfinsa.

Abin da ya fi dacewa shi ne ka fara karanta takardar da babbar murya, kana ɗaukar kanka a matsayin mahaifin da ɗansa ya miƙo masa ita da yamma bayan ya dawo daga kasuwa. Duk inda ka ji zuciyarka ta sosu, ka ja layi a ƙarƙashin kalmar. A wannan daftari wurare huɗu ne za su fito. Na farko, babu sallama kuma babu gaisuwa, takardar ta faɗo wa mutum ne kai tsaye, kuma a wurin Bahaushe wanda ya shigo gida ba sallama ya riga ya ɓata rabin abin da ya zo nema. Na biyu, "ba ku biya ba" ya nuna mutum da yatsa. Hausa tana da hanyar faɗin abu ba tare da ambaton wanda ya aikata ba, wato a ce "ba a biya ba", kuma tazarar da ke tsakanin "ku biya" da "a biya" ita ce tazarar da ke tsakanin umarni da tunatarwa, duk da cewa abin da ake nema ɗaya ne. Na uku, kalmar "dole", wadda babba ke faɗa wa ƙarami, ba wadda makaranta za ta faɗa wa dattijon da ya haifi ɗalibinta ba. Na huɗu, "kada ya zargi kowa sai kansa", wanda lafazin gargaɗin hukuma ne ga masu laifi.

Sai ka kira marubucin, ku biyu kawai, ka gaya masa abubuwa uku a jere. Ka fara da abin da za a bari, kuma ka ambace shi da sunansa: "Malam, takardar gajera ce, ranar kuma ta fito sarai, waɗannan biyun kada a taɓa su." Wannan ba yabo ba ne na share fage, umarni ne, kuma shi ne zai hana abin kirki ɓacewa a daftari na gaba. Sannan ka nuna wuraren da ka ja wa layi, kana faɗin abin da kowanne ya haifar a zuciyar mai karatu: "Da na zo nan, na ji kamar ana tuhumata." Faɗin abin da ka ji ya fi faɗin hukunci a kan marubucin, domin ba zai iya musanta abin da ka ji ba, amma idan ka ce masa rubutunsa babu ladabi, abin da zai ji shi ne kai kana cewa shi ba shi da ladabi, daga nan kuma kare kansa zai shiga yi. Na uku, ka faɗi inda aka nufa tare da iyakarsa: "A mayar da ita tunatarwa ce daga mutanen da ke girmama juna, amma kada ta koma roƙo."

A wannan zagaye kada ka taɓa kuskuren rubutu, ko waƙafi, ko ƙugiyar da aka manta a kan ɗ da ƙ. Jimlolin da za ka ɓata lokaci kana gyara musu harafi wataƙila ba za su kai daftari na biyu ba. Ban da haka, idan ka cika takarda da jan biro, marubucin ba zai iya bambance babban gyara da ƙarami ba, zai gyara waƙafi goma ya bar "dole" a inda take.

Akwai wani abu a daftarin nan wanda ba na murya ba ne, kuma wajibi ne a ware shi tun yanzu: maganar kora. Shin kwamiti ya yanke shawarar mayar da yara gida, ko kuwa sakatare ne ya sa don tsoratarwa? Idan an yanke, to dole a faɗa, sai dai a nemi lafazin da ya dace. Idan ba a yanke ba, a cire. Wannan hukuncinka ne kai da kwamiti, ba aikin marubuci ba ne, kuma na ga wasiƙun da aka yi ta juyawa sau biyar ana cewa murya ba ta yi ba, alhali abin da ke damun shugaban shi ne bai yanke shawara a kan abin da zai faɗa ba. Babu adon kalma da zai sa barazana ta daina zama barazana. A misalinmu, kwamiti ya ce ba za a kori kowa ba, za a ba mai uzuri damar biya kashi-kashi.

Daftari na biyu: lokacin da gyara ya wuce gona da iri

Bari mu ɗauka cewa shugaban bai sa iyakar nan da kyau ba, kamar yadda yakan faru, ya ce kawai a tausasa. Ga abin da ya dawo:

"Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali baki ɗaya, muna masu ba ku haƙuri bisa damunku da za mu yi. Mun san halin matsin da ake ciki. Don Allah, idan da hali, muna roƙon a taimaka a ɗan kawo abin da ya sawwaƙa daga kuɗin makaranta a duk lokacin da Allah ya hore."

Wannan shi ne wurin da ya fi kowane wuri haɗari a duk aikin, kuma a nan ne yawancin masu ba da gyara suke ɓata shi. Marubucin ya yi abin da aka ce masa, har ya ƙara. Idan yanzu ka ce masa, "Wannan kuma ta yi sanyi da yawa, a ƙara mata ƙarfi", zai koma kusa da daftari na farko, ka sake cewa ta yi zafi, ya sake dawowa nan, ku yi ta kai da komo kamar lilo. Bayan zagaye uku zai yanke a ransa cewa ba ka san abin da kake so ba, daga nan kuma ya daina tunani ya koma jiran ka faɗa masa kalma bayan kalma.

Maganin wannan shi ne kada a taɓa jefar da tsohon daftari. Ka sa wa kowanne lamba, ka ajiye. Yanzu ka shimfiɗa na farko da na biyu kusa da juna a kan tebur, tare da jimlar ma'auni da ka rubuta tun farko. Abin da ka samu a hannunka abu ne mai daraja wanda ba ka da shi jiya: gefe biyu na hanya. Ka san inda ya yi zafi da yawa, ka san inda ya yi sanyi da yawa, abin da kake nema yana tsakani, kuma za ka iya nuna shi da kalmomin da marubucin ya rubuta da hannunsa.

Ka fara da amincewa cewa an matsa gaba, ka kuma faɗi ta ina: "Malam, sallama da gaisuwa sun zauna, 'a kawo' ta fi 'ku biya', waɗannan mun gama da su." Abin da aka ce an gama da shi kada a sake buɗe shi, sai da dalili mai ƙarfi wanda za ka faɗa a fili. Sannan ka ɗora daftarin a kan ma'auni. Rabin farko ya cika, mahaifi zai ji ana ganin girmansa. Rabi na biyu ya faɗi, domin ranar 20 ga wata ta ɓace gaba ɗaya, "a duk lokacin da Allah ya hore" ta maye gurbinta. Ka nuna kalmomin da suka mayar da haƙƙi sadaka: "a taimaka", "a ɗan kawo", "abin da ya sawwaƙa", "idan da hali". Kowace ɗaya daga cikinsu ita kaɗai ba laifi ba ce, amma da suka taru su huɗu a jimla ɗaya sai suka gaya wa mai karatu cewa biya ganin dama ne. Haka kuma ba da haƙuri a farkon takarda yana nuna kamar makaranta ce ta yi laifi da ta nemi kuɗinta.

Umarnin wannan zagaye ya zama na ɗauko da ajiyewa, ba na ƙara zafi ko rage shi ba: "A ɗauki buɗewar na biyu amma a taƙaita gaisuwar zuwa layi ɗaya, a dawo da ranar da ke cikin na farko, a cire ba da haƙuri, a sa 'muna tunatarwa' a wurin 'muna roƙo', a ƙara dalilin da ya sa ake buƙatar kuɗin." Marubuci yana iya aikata wannan cikin minti goma, kuma ba zai iya ɓata hanya ba. Idan kuma kai ne ka jawo karkatar saboda umarninka na farko bai da iyaka, ka faɗa masa haka a taƙaice, domin ya san ba fahimtarsa ce ta gaza ba.

Mutane sukan tambaya ko ba zai fi sauƙi ba shugaban ya karɓi biro ya rubuta da kansa. Ra'ayina shi ne ka rubuta jimla ɗaya kacal a matsayin samfuri, idan bayani ya ƙi shiga, ka bar masa sauran ya daidaita su da ita. Idan ka rubuta duka, ka sami wasiƙar yau, amma zango mai zuwa za ka sake zama a wannan wuri da irin wannan daftari na farko.

Daftari na uku: ƙananan kalmomi

"Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna tunatar da iyayen ɗalibai cewa akwai ragowar kuɗin zango na biyu da ba a kammala biya ba, kuma da wannan kuɗi ne ake biyan malamai albashi. Muna fatan a kammala biya kafin ranar 20 ga wata. Wanda yake da wani uzuri ya zo ofis fa kafin ranar, domin a tsara masa yadda zai biya kashi-kashi. Mun gode dai da haɗin kanku."

Yanzu an iso unguwar da ake nema, saura a gane ƙofar gidan. Alamar cewa aiki yana tafiya daidai ita ce gyaran kowane zagaye ya fi na baya ƙanƙanta: na farko ya shafi takardar duka, na biyu ya shafi jimloli, na uku kuma kalmomi ne ɗaiɗai. Idan ka ga a zagaye na uku har yanzu kana rushe sakin layi, to ka koma ka duba jimlar ma'auni, mai yiwuwa abin da kake so ya canja ba ka sanar da kowa ba.

A nan ne ƙananan kalmomin Hausa irin su fa, dai, kam, ai, ma da mana suke nuna ƙarfinsu. A baki, sautin murya da fuska suna tausasa su, amma a takarda babu fuska, mai karatu ne zai ɗora musu sautin da ya ga dama, kuma mutumin da ake bi bashi yakan ɗora mafi muni. "Ya zo ofis fa" tana ɗauke da ɗan yatsan gargaɗi, cire "fa" ya mayar da jimlar gayyata. "Mun gode dai" tana iya sauka kamar godiyar wanda bai gamsu ba, don haka "dai" ma ta fita. Sai kuma "muna fatan a kammala", wadda ta ɗan yi rauni idan aka auna ta da rabi na biyu na ma'auni, domin fata abu ne da kan cika ko ya ƙi cika. "Muna buƙatar a kammala" ta tsaya da ƙafarta ba tare da ta ɗaga murya ba. Gyara uku ke nan, kuma ka faɗa wa marubucin cewa su ke nan, domin kada ya ɗauka ana son ya sake taɓa sauran. Yanzu ne kuma lokacin duba harafi da waƙafi da ƙugiya.

Kafin a buga, ka ba mutum ɗaya wanda bai ga ko ɗaya daga cikin daftarorin baya ba, kuma ya yi kama da waɗanda za su karɓi takardar, misali wani mahaifi da ke cikin kwamiti. Kada ka tambaye shi ko ta yi kyau, domin kunya za ta sa ya ce ta yi. Ka tambaye shi abu biyu: da kai aka aiko wa wannan, me za ka ji, kuma yaushe ka fahimci ana son kuɗin? Idan ya ce bai ji an ci masa fuska ba, ya kuma ambaci ranar 20 ba tare da ya sake duba takardar ba, ma'auni ya cika. Kai da sakatare ba za ku iya yin wannan gwaji da kanku ba, domin kun karanta takardar sau da yawa har kunnenku ya saba da ita, kuma kuna jin na uku ne ta hanyar kwatanta shi da na farko, alhali mahaifin da za a aika wa na ukun kawai zai gani.

Idan masu gyara sun yi yawa

Wani abin da ke rushe duk wannan tsari shi ne a bar kowane ɗan kwamiti ya je wa marubuci da nasa gyaran. Ma'aji yana son a ƙara zafi domin shi ne ke ganin asusu, limamin unguwa yana son a ƙara sassauci domin shi iyaye ke kai wa kuka, sakatare kuma yana tsakiya yana ƙoƙarin faranta wa kowa, sai takarda ta fito da sallama mai taushi a sama da barazana a ƙasa. Kowa ya kawo ra'ayinsa wurin mutum ɗaya, a sasanta saɓanin a can, sannan a kai wa marubuci magana guda. Gyaran kuma a rubuta shi, ko da an riga an faɗa da baki ko an tura shi ta saƙon murya a waya, domin idan daftari na gaba ya zo a sami abin da za a duba a ga ko an bi umarnin, ko kuwa umarnin ne ya canja.

Idan mai gwajin ya ba da amsar da ake so, a rubuta kwanan wata a kan daftarin, a buga, a raba wa yara su kai gida. Kwafi ɗaya kuma a saka shi cikin fayil tare da jimlar ma'auni da daftarorin nan biyu da aka ƙi, domin zango mai zuwa idan za a rubuta wasiƙar taron iyaye ko ta ƙarin kuɗi, a miƙa wa sakatare fayil ɗin tun kafin ya fara.